Ranar da ɗana ya tarar da sanda ta riga ta yi nauyi

Mu shida ne a rumfar bayan gida ran nan. Akwai ni, akwai ɗana na fari, mahauci ne a kasuwar Mokolo, da matarsa mai tsohon ciki da ke tsintar shinkafa a bakin ƙofar kicin. Akwai ɗan hayata, mutumin Garwa, wanda samarin unguwa ke ce wa koci don shi ke koya musu ɗaga ƙarfe. Sai baƙi biyu daga unguwar Nkomkana: wani ƙato ɗan moto, mai ɗaukar fasinja a babur, mai wuya kamar turmi, da abokinsa siriri wanda bai zo ɗaga komai ba sai waya.

Rumfar tawa ce. A da awaki nake ɗaurewa a ciki, da unguwarmu Briketiri ta cika har babu inda akuya za ta juya sai na bar wa kocin ya zuba ƙarafunansa. Ni ban yi makaranta ba, lambobin da ke jikin fayafayan ƙarfen nan ban san su ba. Amma shekara da shekaru ina zaune a gefe ina dakan yajin tsire, ido na gani, kunne na ji, har na san yadda aikin yake tafiya in ana yinsa daidai.

Ba wanda ke taɓa ƙarfe da sanyin jiki. Sai ya yi tsallen igiya har goshi ya ɗan jiƙe, ya tsuguna ya miƙe, ya wurga ƙafa gaba da baya. Sannan ya zo kan sandar ƙarfen da ake ɗagawa, koci ya sa mata fayafayai biyu na katako da kafinta ya yanka daidai tsayin manyan na ƙarfe, don ta tashi daga ƙasa inda ya kamata. Babu nauyin kirki a ciki, amma sai mutum ya sunkuya da baya a miƙe ya ɗaga kamar sau goma. Daga nan a sa ƙarfe, ya yi biyar. A ƙara, ya yi uku. In an kusa nauyin gaske ƙarin da ake yi yana raguwa, ɗagawar ta koma ɗaya ɗaya, hutun da ke tsakani ya yi tsawo. Koci ya sha faɗa a gabana cewa ba a so a gaji a hanya, ana so ne jiki ya farka, kuma sandar ta gaya wa mutum ƙarfin da ya zo da shi yau, don na yau ba shi ne na jiya ba. Ko ina cikin ɗaki nakan gane inda aka kai: da fari ƙara ce ƙarama mai yawa, sannan ta yi kauri tana jinkiri, a ƙarshe sai ƙasa ta amsa sau ɗaya a yi tsit.

Sai dai sanda ɗaya ce tak a rumfar, kuma suna da wata al'ada da ban taɓa so ba. In an fara lodi, nauyi ba ya komawa baya sai an gama. Wanda ya makara, ko ya jira a tashi, ko ya shiga inda ya tarar.

Ɗana ya makara. Dama an yi da shi cewa ran nan zai gwada da ƙaton Nkomkana a ɗaga daga ƙasa, magana ce ta makonni ana yi a bakin masu shayi. Amma tsakanin alkawarin da ranar zazzaɓi ya kwantar da shi, ni na dafa masa sabara da ganyen gwanda, ni na ga yadda wandonsa ya soma zamewa daga ƙugu. Bai daɗe da komawa kasuwa ba. Kuma gadon bayan nan nasa shi ne abincin gidan nan. Da shi yake sauke cinyar saniya daga mota ya kai teburi, in bai sunkuya ya ɗauka ba babu mai ba shi ko ƙashi, ga mace ta kusa haihuwa.

Da la'asar aka tsuge da ruwa, irin na Yawunde da ke sa lungunanmu su zama rafi ja. Baƙon ya zo da wuri, ya bi matakansa ɗaya bayan ɗaya, ban ga laifinsa a nan ba. Sanda ta kai inda take lanƙwasawa kaɗan in an ɗaga. Sannan ɗana ya shigo a jiƙe sharkaf, ya sauko daga bayan moto, leɓensa har ya yi fari.

Siririn ya juyo da waya kansa. Ya ce, "Ga mai gida nan. Mun ce ko zazzaɓin ne ya dawo da ya ji mun iso."

Ɗana ya yi dariya, ya tuɓe riga ya matse ta. Ya dubi sandar ya ce, "Nan kuka tsaya? Na zaci aiki kuke yi."

Koci ya tashi daga kan benci. Ba mutum ne mai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗauki igiya tukuna. In baƙo ya gama sai mu sauke, ka fara daga katako."

Ƙaton ya ce, "Ni ba zan zauna ina kallon katako ba, koci. Jikina zai huce, kuma da magariba ina da fasinja. In zai ɗaga ya ɗaga yanzu ina gani, in ba haka ba gobe a ce mini an yi bayan na tafi."

Gaskiyarsa ce ta wani gefen, wanda ya hau ya kai sama in ya daɗe a tsaye sanyi yake yi. Na ga babu wanda zai ja da baya.

Ɗana ya ce, "Tun asuba nake ɗaukar shanu a kafaɗa. Wane ɗumi kuma ya rage?"

Koci ya ce, "Wannan gajiya ce ka kwaso, ba ɗumi ba. Ka zauna a kan moto ruwa na dukanka tun daga unguwar Mesa. Taɓa bayanka ka ji."

Siririn ya ce, "A kawo masa katakon, a kawo masa da bargo. Mama, ko ke za ki fara ɗaga masa?"

Ba na magana da yaron da ke magana da ni ta bayan waya. Na ajiye taɓarya. Ba na kiran sunan ɗan fari, shi ma ya sani, in na ce "kai" ya san da shi nake. Na ce, "Kai. Ban ji taka ƙaramar ƙarar ba yau."

Ya ce, "Inna, shiga ciki, feshi na taɓa ki."

Na ce, "Feshi bai dame ni ba. Ka bi abin yadda ake binsa."

Ya sunkuyar da kai kamar zai ji. Da mu kaɗai ne da ya ji. Amma wayar na nan a tsaye kamar ido, kuma ya san kafin isha duk mahautan Mokolo sun gani. Sai ya yi abin da ya fi ba ni tsoro, ya raba tsakani. Ya yi tsalle kaɗan a wuri ɗaya, ya wurga hannuwa, ya ce a cire faifai ɗaya kowane gefe ya gwada. Aka cire. Ya kama, ya ja. Nauyin da na sha ganin ya fizge kamar bokitin ruwa, ran nan sai ya tashi a hankali, ya tsaya a gwiwa yana rawa kafin ya wuce.

Koci ya ce, "Ka ji abin da ta gaya maka. Yau ba ranarka ba ce. A bari."

Ɗana ya ce, "A mayar."

Koci ya naɗe hannu ya ce shi ba zai sa ba. Ƙaton da kansa ya mayar da fayafayan, ya ƙara wani ƙarami a kai. Matar ɗana ta daina tsintar shinkafa. Ruwa ya tsagaita, sai ɗigo daga kwano yana faɗawa cikin tsohuwar roba, ban san me ya sa na riƙe wannan ƙarar a kai har yau ba.

Ko hutun kirki bai yi ba. Ya shafa alli a tafi, ya sa ƙafa a ƙarƙashin sanda, ya ja numfashi. Da ya ja, ƙugunsa ya riga ƙirjinsa tashi, bayan da koci ya yi shekaru yana miƙar masa ya lanƙwashe kamar na kyanwa. Sandar ta bar ƙasa. Ta hau ƙwauri, ta tsaya. Na ga wani abu ya wuce ta fuskarsa, ba yamutsewar nauyi ba, wannan na san ta. Idonsa ne ya buɗe kamar an kira shi daga nesa. Duk da haka bai saki ba, ya ja har ya miƙe, sannan ya sake ta ta faɗi.

Siririn ya yi ihu, ƙaton ya tafa masa ya ce namiji ne, ya gwada shi ma ya ɗaga, aka ce an yi kunnen doki. Aka yi ta dariya. Ɗana na dariya tare da su, amma yana tsaye inda ya saki sandar, ƙafarsa ba ta matsa ba. Rigarsa na ƙasa kusa da shi. Ya dube ta, bai sunkuya ba. Matarsa ce ta zo ta ɗauka.

Da baƙi suka tafi koci ya matsa kusa da shi ya ce a hankali, "Ciwon yana sauka ƙafa?" Ya ce a'a. "Yatsu na jinka?" Ya ce suna ji. Koci ya ce to da sauƙi, amma gobe asibiti, kuma in ƙafa ta mutu ko fitsari ya ƙi, ba a jira gobe. Ya ba shi kafaɗa suka ratsa tsakar gida, tafiyar da yaro ke yi da gudu ɗaya suka yi ta kamar masu tsallake kogi. Aka kira magariba bai fita masallaci ba. Ta labule na hango shi yana salla a zaune a bakin gado.

Daga baya likita ya ce naman baya ne ya yage, ƙashi lafiya. Ya warke, amma sai da jaririn ya zo ya yi wayo kafin uban ya sake ɗaukar cinyar saniya, kuma har yau in damina ta kama nakan ga yana dafa bango kafin ya miƙe. A daren ranar ba mu san wannan ba. Abin da muka sani kawai, mutum ya kwanta ba ya iya juyawa.

Da asuba na tsaya a ƙofarsa na ji yana ƙoƙarin tashi, gadon na ƙara, sannan ya yi shiru. Na ce wa matarsa ta dafa ruwa ta gasa masa, koci zai zo da mota a kai shi. Na yafa mayafi, na bi ta cikin taɓo har Mokolo kafin motar nama ta iso. Na sami babban mahautan layinsu na ce masa yaron nan ba zai zo ba, ban san sai yaushe ba, a sa wani ya riƙa sauke masa a raba riba, kada a ba da teburinsa. Ya ce ai jiya ya ga hoton a waya, ƙarfi kamar bijimi. Na ce na gani ni ma. Na ja kujera na zauna a bayan teburin har aka sauke naman.