Kaset Mai Lamba Goma Sha Huɗu

Ina aji takwas wata duktura ta zo makarantarmu a Gadarif daga jami'a, tana bincike kan 'yan matan da ke barin karatu lokacin yankan riɗi. Ta ɗauki wata maƙwabciyarmu, wadda muke kira Yaya, ta zama tafinta, don iyayenmu da yawa sun fi sakewa da Hausa a kan Larabci.

Sai da suka fara zuwa gidanmu. Aka karanta wa Baba takardar yarda, Yaya tana fassarawa, ya dangwala yatsa. Duktura ta juyo gare ni ta ce yardar Baba ba ta isa ba, sai ni ma na yarda da bakina. In na ƙi, babu laifi, in kuma na fara, ina iya janyewa duk ranar da na so. Ba za a rubuta sunana ba, lamba za a ba ni. Babu wanda zai ji maganata, sai fa in ta ga ana cutar da ni, shi ma sai ta gaya mini tukuna. Ta nuna mini inda Yaya ta sa hannu kan alkawarin riƙe sirri. Ni dai gyalen Yaya nake kallo, wanda ya ɗan ƙone a gefe. Na ce na yarda.

A ɗakin ajiyar littattafai aka yi hirar, da rikoda a kan tebur, an rubuta goma sha huɗu a jikin kaset. Kunya ta hana ni Larabci, na yi Hausa. Na faɗi abin da ban gaya wa kowa ba: mako ukun da na ce zazzaɓi nake yi, ina gonakin Simsim ne tare da Baba muna yankan riɗi.

Bayan kwana huɗu, a layin safe, shugabar makaranta ta kira ni gaban kowa.

"Ga mai zazzaɓin Simsim," in ji ta. "Nuna musu hannuwanki."

Aka yi dariya. Ta ce ta cire ni daga jerin masu jarrabawar ƙarshe, tunda ba na zuwa kuma ina ƙarya. Ban yi kuka ba. Na tuna shekaranjiya na ga Yaya a ofishin shugabar, kofin shayi a hannu, takalmanta a cire.

Kwana biyu ina shirya maganata a zuci. Ranar da duktura ta dawo, na shiga ɗakin ba a kira ni ba.

"Ke kuma, 'yar gidan Inna, yau ba ranarki ba ce," in ji Yaya.

"Magana ce da ni, Yaya. Fassara mata."

Larabcina ya fi nata, amma na fi son ta fito daga bakinta. Na ce da Hausa, "Na janye. A shafe kaset ɗina. Yaya ce ta kai maganata ofis."

Yaya ta yi murmushi ta ce da Larabci, "Yarinyar ta gaji ne, tana son hutu."

Sai na maimaita da Larabci, kalma bayan kalma. Na ƙara da shayin da takalman.

Duktura ta ajiye biro. Ta tambayi Yaya ko gaskiya ne.

"Wallahi hira ce kawai, ya duktura. Duk unguwa an san sun je Simsim."

"Shugaba ba ta sani ba," na ce.

Duktura ta ba ni haƙuri. Ta ce laifinta ne da ta ɗauki tafinta daga unguwarmu, lamba ba ta ɓoye mutum ga maƙwabcinsa. Ta ce ba sai na kawo dalili ba kafin in janye. Ta zare zaren kaset ɗin a gabana ta yayyanka da almakashi, ta yaga takardun da ke da lambata. Ta karɓi littafin Yaya ta sallame ta, ta ce za ta rubuta wa kwamitin da ya ba ta izinin binciken, ta kuma sanar da sauran 'yan matan da iyayensu, kowacce ta zaɓi ci gaba ko janyewa. Na kalli Yaya tana neman jakarta, alhali tana rataye a kafaɗarta. Daɗi ya kama ni har na ji kunyar kaina, amma kaɗan.

Duktura ta nemi izinina da na Baba kafin ta ga shugaba. Ta ce ba za ta maimaita abin da na faɗa a hira ba, za ta tuna mata ne cewa makaranta ta amince ba za a hukunta yarinya saboda shiga binciken ba. Aka mayar da sunana, a ƙasan jeri, da jan biro.

Yaya ta zo gidanmu ta yi wa Inna kuka, ta ce na tozarta ta. Inna ta ce in fito in gaishe ta. Na fito da littafin lissafi a hannu, na gaishe ta yadda ya kamata, na ce ta yi mini uzuri, jarrabawa saura wata biyu.