Ko Kamiyo Za Ta Zo

Aikina na farko bayan na gama jami'a, ina jin zan iya kiransa aikin sakatare, a buro, wato ofishin wani Alhaji mai motocin ɗaukar kaya na yi shi, kusa da tasha a Agadas. Duk saƙon da zai fita da sunansa ni nake rubutawa. Yana yawan yabona, wai ina da ladabin alƙalami.

Wata safiyar Talata shugaban masu garka, manoman lambu na Tabelot, ya aiko da tambaya ta talho, wato waya. Alhaji ya yi musu alkawarin kamiyo, babbar motar kaya, ranar Alhamis, suna son tabbaci kafin su tone albasa su zuba a buhu. Albasa tana iya jira kaɗan a ƙasa, amma in ta shiga buhu ta zauna bakin hanya cikin rana, ruɓa take yi.

Alhaji ya ce, “Rubuta musu yadda ka saba, ɗana,” ya shige ciki.

Na rubuta. Bayan gaisuwa na ce, idan ba damuwa, muna so mu ɗan sanar da su cewa, a iya saninmu, akwai yiwuwar watakila kamiyon ta samu zuwa wajajen Alhamis ko kusa da haka, gwargwadon hali, kodayake dai ana kan dubawa.

Kwantabul ɗinmu mai riƙe lissafin kuɗi, mace ce da ta girme ni, ta leƙo ta kafaɗata ta karanta.

“Ƙanena, wannan saƙo ne ko kunu? Su tone ko kada su tone?”

Na ce ai dattijo ne, bai kamata a yi masa magana gatsau ba.

“Gaisuwar ta tsaya, ita ce ladabin. Sauran fa?” Ta jawo kujera. “‘Idan ba damuwa’, damuwar wa? Goge. ‘Muna so mu ɗan sanar da ku’, ai sanarwar kake yi. Goge. ‘Yiwuwa’ da ‘watakila’ a jere, kamar awaki biyu a igiya ɗaya! In akwai abin da ba mu sani ba, ka faɗe shi sau ɗaya, ka faɗi ranar da za mu sani.”

Na shiga gogewa. “Wajajen” ta tafi, “gwargwadon hali” ta bi ta. Abin da ya rage shi ne: kamiyon, sai fili, sai Alhamis.

“To cike,” in ji ta. “Za ta zo, ko ba za ta zo ba?”

Na dubi filin da ya rage. Ban sani ba. Na cika layi bayan layi a kan abin da ban ma tambaya ba.

Muka shiga wurin Alhaji, yana shan shayi. Na ce, a gafarce ni, ko zai yiwu a ɗan…

“Alhaji,” ta katse ni, “kamiyon za ta je Tabelot jibi?”

Ya aje kofin. “Kamiyon tana hanyar Tawa tun jiya da wani kaya. In ta dawo da wuri, to. In na ce musu a'a yanzu, wani za su kira, na rasa su ke nan.” Ya dube ni yana murmushi. “Shi ya sa nake ba wannan rubutu. In ya rubuta, ba wanda zai ce na yi alkawari, ba wanda zai ce na fasa.”

Na ji kamar an watsa mini ruwan randa. Ashe ladabin alƙalamin ke nan. Na tsaya ina kallon kofin shayin, ina tuna saƙonnin da na tura a watannin baya, ga masu gishiri, ga masu dabino, kowane da nasa “watakila”.

Kwantabul ta ce, “Alhaji, mutanen nan gobe za su tone.”

Ya ja carbi. Can ya kaɗa hannu. “Ku rubuta abin da kuka ga dama. Ku biyun nan za ku talauta ni.”

Na koma kan teburina na rubuta: “Barka da aiki, Baba. Kamiyonmu ba za ta zo Alhamis ba, kuma ba mu san ranar dawowarta ba. Ku nemi wata mota kafin ku tone. Ku yi mana haƙuri.” Yatsana ya so ya ƙara “da alama” a gaba. Ta buge mini hannu da biro.

Kafin azahar amsa ta zo da muryar dattijon, ana jin injin ban ruwa a bayansa. Ya ce ya gode, sun dakatar da tono, sun samu wata mota daga Tchirozérine za ta zo Asabar. Sai ya tambaya ko Alhaji ya sake sakatare ne.