Gobarar Runka a Takardar Tsire

Damina ta yi nisa, dawa ta wuce tsawon mutum, na dawo Batsari hutu daga makarantar 'yan mata. Turawa na mulki a lokacin, kuma hoto abu ne da ba kowa ya taɓa riƙewa ba. Ina zaune ina kallon ruwa na ɗiga daga indararo, sai gwaggo ta faɗo gidanmu ba ko sallama, mayafinta a hannu.

"Runka ta ƙone! Ƙurmus!"

Yayata a Runka take aure, da jaririn da ko arba'in bai yi ba. Inna tana tankaɗe. Rariyar ta suɓuce mata, ta zauna daɓas a cikin garin, bakinta na motsi, salatin ya ƙi fita.

Gwaggo ta miƙo wata yagaggiyar takardar jarida, duk maiƙo. Ɗakuna ne babu jinka, rumbuna sun rufta, wata mace ta ɗora hannu a ka. Can baya ga wani dutse kwance kamar saniya.

"Ga dutsen Runka nan," in ji gwaggo. "Ke 'yar boko, hoto yana ƙarya ne?"

Matar da ke hoton ta juya baya, kuma na rantse wuyan yayata ne. Kafin la'asar gida ya cika da 'yan jaje, inna kuwa ta ɗaure ƙunshinta, ta ce a ƙafa za ta tafi, ko rafi ya kawo ko bai kawo ba.

Na koma gindin turmi da takardar, ina kallonta don na kasa daina kallo. A gefen hoton akwai kuka, rassanta tsirara. Na ɗaga kai na dubi kukar bayan gidanmu: ganye ya rufe ta ruf. Na sake duba ƙasan hoton, fayau, ko ciyawa ɗaya babu. Wannan wuta da rani ta ci.

Sai na juya bayan takardar. Guntun labari ne, ana kiran samari su shiga soja, ana roƙon manoma su ƙara gyaɗa saboda yaƙi. Yaƙin da aka gama tun ban fara makaranta ba!

"Gwaggo, wa ya ba ki?"

Mai koko ce ta ba ta. Mai koko a wurin wani mai jaki ta karɓa, shi kuma tsire aka naɗe masa a ciki. Baba ya ajiye ɗinkinsa, ya ce in yafa mayafi, muka nufi bakin kasuwa.

Mahaucin yana gyara tukuba. Da ya ji abin da ya kawo mu, wuƙar ta tsaya a hannunsa.

"Malam, ni fa cewa na yi dutsen ya yi kama da na Runka. Kama! Wa ya ce ta ƙone?"

"Gari duka," in ji baba. "Matata tana can ta ɗaure kaya."

"Innalillahi! Daga tsiren sisi?"

Ya jawo damin tsofaffin jaridun da yake naɗi da su, waɗanda wani ɗan'uwansa ya kwaso masa daga Katsina. Muka yi ta buɗawa ɗaya bayan ɗaya, ƙamshin ƙuli-ƙuli na shiga mini hanci, har na ga shafin da aka yage wa kusurwa. Na ɗora guntun a kai, yagar ta hau daidai. A sama ga kwanan watan, na shekarun yaƙi. A ƙasa ga layin da aka raba da hoton: sunan wani gari ne a wani lardi mai nisa, wanda ko a taswirar makaranta ban taɓa lura da shi ba.

Na karanta wa inna a tsakar gida, da ƙarfi, kowa na ji. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Takarda ce ta ce 'yata ta mutu, yanzu kuma takarda ta ce tana raye. Ni idona zai gaya mini." Baba bai musa ba. Ya ce dai a bar rafi ya janye, ya nemo jakuna.

Da safe muka kama hanya. Muna shiga Runka muka tarar da jinka a kan kowane ɗaki, kabewa ta hau wasu. A ƙofar gidan mijin yayata ga wasu mutanen Safana tsaye da damman ciyawar jinka da suka kawo gudummawa, suna ta waige-waige, suna neman toka.

Yayata ta fito da jariri a kafaɗa. Da ta ga inna da jajayen idanu, sai ta dafe bango.

"Inna, lafiya? Wa ya rasu a gida?"

Inna ta kama wuyan yayata tana shafawa, kamar mai duba sabuwar tukunya. Ni kuwa takardar na nan a ƙulle a bakin zanena, da matar nan mai hannu a ka, wadda muka yi wa kuka yini guda da sunan wata.