Kazar da Na Teburin Kusa Zai Ji

Tsinkau muke ce masa, saboda duk wanda ya karanta abin da ya rubuta a allon ƙofar gidan abincinmu sai yawunsa ya tsinke. Ni ne kuku, shi kuma yana kai wa mutane abinci, amma aikin da ya ɗauka da girma shi ne allon nan. Baƙin allo ne mai ƙafa biyu, ɗaya ta ɗan gajarta, sai an tokare ta da murfin kwalba. Tun muna samari muka fara aiki tare a wurin, har furfura ta fito mana. Ya rasu a daminar da ta wuce, Allah ya jiƙansa, kuma har yau idan na ji ana ƙoƙarin buɗe ƙofar baya da ƙafa, kamar yadda ya saba yi, sai na ɗaga kai.

Mutum ne siriri, mai dogon wuya, kullum da guntun alli a bayan kunne. Idan na ce masa yau akwai shinkafa da kaza, sai ya dube ni da tausayi. "Kuku," zai ce, "kai dai ka iya dafawa, amma bakinka ba gishiri. Wa zai bar gidansa don shinkafa da kaza?" Sai ya fita ya rubuta cewa shinkafa ce wara-wara mai tururi, tana ƙamshin man shanu tun daga bakin titi.

Matsalarsa ɗaya. Ba ya rubutu sai da yunwa. Ya ce mai ƙoshi ba ya sanin darajar albasa. To idan yunwar ta yi yawa, sai hannunsa ya riƙa ƙara wa abinci abin da ban sa ba. Ya taɓa rubuta cewa miyata tana da naman da ke narkewa a baki, alhali ranar miyar ganye ce zalla. Wata mata ta juya cokali a kwano har ta gaji, sannan ta tambaya ko naman ya riga ya narke ne.

Mai wurin, wadda muke kira Inna, ta yi haƙuri har ta gaji. Ana gobe za a shiga babban hutu, lokacin da ma'aikata ke fitowa da iyalansu kuma muke yin abinci na musamman, ta kira shi gabana.

"Tsinkau, ka saurare ni da kyau. Idan mutum ɗaya ya dawo mini da faranti ya ce ba abin da ke allo ba ne, ka ajiye allin nan har abada. Ni zan riƙa rubutawa."

Duk mun san rubutun Inna. Sunan abinci, sai farashi, shi ke nan. Tsinkau ya shafa bayan kunnensa, ya ce, "Inna, na tuba." Amma don ya burge ta, sai ya ƙi cin komai tun daga ranar.

Da safe na gaya masa abincin hutu: soyayyar kaza da dankali da tafarnuwa. Ya fita da alli yana tangaɗi. Ina cikin yanka albasa na ji mutane sun fara taruwa a waje, sai na leƙa. Ga abin da na gani:

"Kazar hutu! Zinariya a waje, taushi a ciki. Zuma mai ɗumi tana gangarowa a jikinta. Idan ka cije ta, ƙarar ƙas ɗinta har na teburin kusa sai ya ji."

Na jawo shi kicin ta wuyan riga. "Kai, wace zuma? A ina ka ga zuma?"

"A raina na gan ta, Kuku."

"To je ka goge."

"Sun riga sun karanta. Wani har ya ɗauki hoto."

Na ce masa ko da akwai zumar, abin da ya rubuta ba ya haɗuwa. Kaza mai ƙas-ƙas idan ta sha zuma, kafin a kai ta tebur ta yi laushi kamar tsumma. Ya zauna a kan buhun dankali, ya ce, "To shi ke nan, an raba ni da allona." Wallahi ban taɓa ganin wuyansa ya lanƙwashe haka ba.

Sai na tura shi kantin da ke kusa ya sayo zuma. Ni kuma na tsane kazar sosai, na birkiɗa ta a garin sitaci, na soya ta a mai mara zafi da yawa har ta dahu, na kwashe ta huta, sannan na sake jefa ta a mai mai zafi sosai. Zumar kuwa na ɗumama ta da ɗan lemon tsami, na zuba a ƙananan kofunan shayi. Na ce, "Ba a kicin za a zuba ba. Sai ka ajiye faranti a gaban mutum, sannan ka tsiyaya. Kuma da gudu za ka kai."

Ya yini yana gudu kamar zakaran da aka biyo. Komai na tafiya daidai, sai ga mai gyaran agogo, wani abokin cinikinmu da ba ya barin ko-ta-kwana. Ya zauna, ya gyara tabarau, ya kira Inna.

"An rubuta na teburin kusa zai ji. Ina so a gwada. In bai ji ba, a ɗauke farantin."

Muka duba teburin kusa. Baba tela ne zaune shi kaɗai, tsohon da ko ƙofa ta buga sai ya ce wa ya yi atishawa.

Inna ta harɗe hannu. Aka kashe fanka, aka kashe rediyo, wata uwa ta toshe bakin ɗanta. Tsinkau ya tsiyaya zuma. Mai agogo ya ɗauki cinya, ya cije. Ƙas! Ni da nake ƙofar kicin na ji ta sarai. Kowa ya juya ga Baba tela, shi kuwa yana ta busa shayinsa.

"Baba, ka ji?" in ji Inna da ƙarfi.

"Na'am? Sukari ya ji, 'yata."

Mai agogo ya fara tura faranti gefe. Sai Tsinkau ya ɗaga teburin Baba ɗungurungum, da shayin da komai, ya manna shi da na mai agogo, ya dawo ya turo kujerar da tsohon a kai, har kunnen Baba ya kusa taɓa kumatun mutumin.

"Ranka ya daɗe," in ji Tsinkau, "allo cewa ya yi teburin kusa. Ga shi ya zo kusa. A sake cizo."

Mai agogo ya so ya yi gardama, amma zuma na bin yatsunsa, ya kasa haƙuri. Ya sake cizo. Baba tela ya zabura, ya dafe kunne, ya ce, "Kai! Haƙorin wa ya karye?"

Wurin ya kece da dariya. Inna ta yi dariya har ta zauna a kan kujerar wani. Mai agogo ya cinye kazarsa tas, ya nemi ƙari. Da aka watse, Inna ta ce allo na Tsinkau ne, amma da sharaɗi: ba zai ƙara taɓa alli ba sai ya ci rabin faranti a gabanta. Ya ce rabi zai kashe masa basira, suka daidaita a kan cokali uku da ɓawon burodi.

Har yau muna yin kazar nan duk hutu, kuma a tebur ake zuba zumar. Bana ni na rubuta allon. Na ƙi karyawa don in gwada dabararsa, na tsaya da allinsa a hannu har rana ta yi zafi. Abin da ya fito kawai shi ne: "Akwai kazar Tsinkau. Tana da daɗi." Inna ta fito ta karanta, ta share ido da gefen mayafi, ta ce da yana nan da ya ce bakina ba gishiri. Sai ta sunkuya ta gyara murfin kwalbar da ke ƙarƙashin ƙafar allon.