Bashin Mai Kayan Makaranta

Shekara ashirin Mai Littafi yana sayar da kayan makaranta a ɗan shagonsa. Ciniki sai lokacin komawa makaranta, sauran watanni ƙuda kawai yake kora.

Da ya je neman bashin saro kaya, ma'aikaciyar banki ta ce, "Baba, karɓi rabi, mu tsara biya ya faɗo lokacin cinikinka."

Ya ga kamar raini ne. Ya karɓi duka, biya daidai kowane wata.

Hutu ya zo, kuɗi suka maƙale a kaya, ga banki na jira. Dole ya karyar da kayan duka ga maƙwabcinsa mai shago.

Ranar komawa makaranta yana zaune gaban kantoci wayam, iyayen yara suna tambaya, yana nuna musu shagon maƙwabci.