Tafiyar Inna a Kasuwar Albasa

Inna, mahaifiyata, tun daga gida Ƙofar Rini take yanke kuɗin da ba za ta wuce ba. Mai albasa ya faɗi nasa, ta taya rabi. Ya ce albarka, ta ƙara kaɗan. In ya kafe, ta juya tana jan ƙafarta mai ciwon gwiwa. Kafin ta wuce rumfa ta gaba sai ka ji, "Dawo, Hajiya, na sallama!"

Ranar da ta aike ni, na taya, na ƙara, na juya fuu kamar an koro ni. Ba wanda ya kira ni.

Na dawo hannu wofi ina masifa. Inna ta ce, "Ɗiyata, kin bar mashi lokacin yin nadama kuwa?"