Ranakun da Wasila Ta Nema a Rubuce

Shekara huɗu ke nan Wasila Sodangi tana buga wa makarantu masu zaman kansu takardun jarrabawa daga ɗakinta a Ƙofar Kware. Ba ma'aikaciyar kowa ba ce. Malamai su rubuta tambayoyi da hannu, a ɗauki hoto a turo mata ta waya, ita kuma ta buga a kwamfuta, na boko da na Larabci har da wasulla, ta mayar. Yawancin masu makarantun ba su taɓa ganin fuskarta ba. Sunanta kawai suka sani, kuma da sunan nan take samun aiki, don wannan ke gaya wa wancan cewa ba ta saɓa rana.

Bana sai ga ta da cikin fari, haihuwar kuma za ta faɗo daf da jarrabawar zangon farko. Tun farkon Oktoba ta aika wa masu ba ta aiki saƙo cewa daga goma ga Nuwamba zuwa ƙarshen Disamba ba za ta taɓa kwamfuta ba. Ba ta faɗi dalili ba. Yaya za a yi mace ta buɗe baki ta ambaci cikin fari ga sa'an mahaifinta?

Uku suka amsa a rubuce. Sai Alhaji Jalaluddeen, mai wata makaranta a Mabera, wanda aikinsa ya fi na kowa yawa. Ta tsara masa komai: tambayoyin firamare su iso ashirin ga Oktoba, ta mayar ashirin da bakwai, na sakandare ɗaya ga Nuwamba, ta mayar ranar takwas. Katin sakamako kuwa, tun da sai an gama jarrabawa, a ba ƙawarta Kausar, ga lambarta.

Alhaji ya turo saƙon murya: "Ba komi, ɗiyata, Allah shi kai mu."

Wasila ta san wannan "ba komi". Bara ma haka ya ce, tambayoyin suka zo saura kwana biyu jarrabawa. Ta rubuta cikin ladabi: "Baba Alhaji, don Allah a ɗan rubuto mini cewa an amince da ranakun nan."

Nan take ya kira.

"Ke Malama Wasila, kotu muke? Ni da nika sallamar tirelar siminti da baki, ke za ki ce in rubuta? To wai ina za ki har mako bakwai, Makka?"

"Uzuri ne, Baba Alhaji."

"Wane irin uzuri ne ba shi da suna?"

Bai jira amsa ba, ya kashe waya.

Bayan kwana uku Kausar ta turo mata abin da ya rubuta a zauren masu makarantu na waya: wai a yi hattara da yarinyar Ƙofar Kware, ta fara jin kanta, tana shirin watsar da mutane tsakiyar jarrabawa. Wasila ta karanta. Ita da ta ba da sanarwa mako biyar kafin lokaci, ita ce mai watsar da mutane? Ga hannunsa ya iya rubuta sharri layi shida, amma ranaku huɗu sun gagare shi!

Da safe ta ɗauki yayar mijinta, Hindu, suka hau keke napep zuwa Mabera. Kowane rami sai ta dafe ƙugu. A ofis Alhaji ya ɗago kai, ya ga mace ta shigo da ƙyar, hijabi bai ɓoye komai ba.

"Ni ce Wasila."

Ya kawar da ido, ya shiga neman kujera. "Subhanallahi! Mi ya hana ki faɗi?"

Hindu ta ce, "Haba Alhaji, ɗiyarka ta cikinka za ta faɗa maka?"

Wasila ta ajiye takardar da ta bugo, kwafi biyu, ranakun a jere. Ya sa hannu bai ko karanta ba. Ta ce a'a, ya karanta, don shi zai matsa wa malamansa. Ya karanta, ya roƙi a ɗaga ranar kawo na sakandare zuwa uku ga wata, ta ce to sai dai ta mayar ranar tara. Suka gyara da biro, kowa ya sa hannu a gefe.

"Saura zaure, Baba Alhaji. Inda aka ɓata ni."

Ya zaro waya zai yi saƙon murya, wai zai bayyana musu halin da take ciki.

"Kada a ambaci halina. A rubuta cewa na ba da sanarwa tun farkon wata, kuma mun daidaita."

Ya rubuta, yana gumi, ta tsaya har ya tura.

A hanya Hindu tana ta dariya, wai Alhaji ya kusa shigewa ƙarƙashin tebur. Wasila ba ta yi dariya ba.

"Yaya, shekara huɗu ban saɓa masa rana ko ɗaya ba. Duk wannan bai isa ya yarda da ni ba, sai da na kwaso ciki na kai masa ofis ya gani."